Littafin Sayit: Shaidar Da Ake Nema Ranar Da Rikicin Gini Ya Tashi

Aikin gini yana da wata ɗabi'a da ta bambanta shi da yawancin sana'o'i, wato duk abin da aka yi yau, aikin gobe ne zai rufe shi. A haƙa ramin fandisho, a zuba kankare, a mayar da ƙasa, shi ke nan babu mai sake ganin zurfinsa. A ɗaura rodi a ginshiƙi, a kafa katako, a zuba, daga nan ba wanda zai iya cewa mai kaurin milimita 16 aka sa ko mai 12 sai an fasa. Bututun ruwa da na waya duk a cikin bango suke shigewa, filasta ta bi ta kansu. Shi ya sa idan rigima ta tashi tsakanin mai gini da ɗan kwangila bayan wata takwas ko shekara, ginin da suke rigima a kansa ba ya iya ba da shaida sosai. Leburorin da suka yi aikin sun watse, wasu sun koma gona, wasu suna wani aikin a Abuja. Injiniyan da ya ba da umarni da baki yana tuna abin ta wata fuska, ɗan kwangila yana tuna shi ta wata, kuma sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu, mantuwa ce irin ta ɗan Adam.

Abin da ke rage wa masu raba gardama shi ne takarda. A cikin takardun gini kuwa, wadda ta fi kusa da abin da ya faru a fili ita ce littafin da sufabaiza, wato mai kula da aiki a sayit, yake cikewa kullum kafin a tashi. Ba littafin kuɗi ba ne, ba kuma rahoton wata-wata da ake gyara wa zama a ofis ba ne. Littafi ne da yake amsa tambaya ɗaya: yau me ya faru a wurin nan, da ƙarfe nawa, a gaban wa?

Yadda ake rubuta rana guda

Mafi yawan littattafan sayit da mutum zai buɗe a wuraren gine-ginenmu, idan ma an same su, abin da ke ciki bai wuce irin wannan ba: "An yi ruwa. Aiki ya ci gaba. An kawo siminti." Wanda ya rubuta haka ya cika umarnin maigidansa, amma bai ajiye wa kowa komai ba. Ruwan na minti ashirin ne ko na wuni? Wane aiki ne ya ci gaba, a wane ɓangaren ginin? Buhu nawa aka kawo? Ga yadda rana irin wannan za ta kasance a hannun wanda ya san abin da yake yi:

"Ruwa ya sauko 10:20 na safe, ya ɗauke 1:45 na rana. An tsayar da haƙar fandisho a layin gabas. Ramin ya cika, an kunna injin jan ruwa daga 2:00 zuwa 5:30. Leburori 14 sun zauna babu aiki awa uku da rabi. Birkiloli 4 sun ci gaba da katangar baya daga 2:00. An karɓi siminti buhu 200, buhu 6 sun jiƙe, an mayar wa direba, ya sa hannu."

Bambancin da ke tsakanin rubutun nan biyu shi ne na biyun ya haɗa dalili da sakamako. Bai tsaya a kan cewa an yi ruwa ba, ya faɗi abin da ruwan ya tsayar, da wanda ya tsayar, da tsawon lokacin. Wannan haɗin shi ne jigon littafin gaba ɗaya. Mai sasanta rikici ba ya biyan kowa don an yi ruwa, ko don zane ya makara. Yana duba ne ko abin ya taɓa aikin, kuma da nawa.

Sufabaiza yana farawa da kwanan wata da yanayin gari, sannan mutanen da ke wurin, kowace sana'a da adadinta: birkiloli nawa, kafintoci nawa, masu ɗaurin rodi nawa, leburori nawa, kuma na wane ƙaramin ɗan kwangila ne. Sai injuna, wanda ke aiki da wanda ke tsaye, da dalilin tsayuwarsa, domin injin kwaɓa kankare da ya lalace daban, wanda yake lafiya lau amma yana jiran izinin injiniya daban. Na farko asarar ɗan kwangila ce, na biyu mai yiwuwa ta mai gini ce. Sai aikin da aka yi, da sunan wurin kamar yadda yake a zane. "An zuba ginshiƙai" magana ce da ba ta kama komai ba. "An zuba ginshiƙai huɗu na layin C, daga 1 zuwa 4, a hawa na ƙasa" magana ce da za a iya zuwa a ɗora hannu a kanta bayan shekara biyar.

Kayan da suka shigo ma haka: tifar yashi nawa, tsakuwa wace iri, rodi mai kauri nawa kuma guda nawa, da lambar takardar da ta rako kayan. Abin da aka ƙi karɓa ya fi abin da aka karɓa muhimmancin rubutawa, saboda a kansa ake musu daga baya.

Umarnin baki

Idan aka ce a zaɓi abu guda da ya fi jawo rikici a gine-ginenmu, ni umarnin baki zan zaɓa. Mai gini ya zo da yamma, ya zagaya, ya ce, "Injiniya, tagar nan ta yi ƙanƙanta, a ƙara mata faɗi. Bangon nan kuma a matsar da shi, falon ya matse." Sufabaiza ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Washegari a rushe layi biyar na bulo, a sake linta. Ranar biyan kuɗi ɗan kwangila ya kawo lissafin ƙarin aiki, mai gini ya ce shi shawara ya bayar, bai ce a yi ba, ko kuma ya ce ai ya zaci yana cikin kuɗin farko.

Manyan yarjejeniyoyin gini sun san da wannan matsala. Tsarin kwangila na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, wanda ake amfani da shi a manyan ayyukan hanya da ruwa a Najeriya, ya tanadi mafita a bugun 1999: idan injiniya ya ba da umarni da baki, ɗan kwangila zai tabbatar da shi a rubuce cikin kwanakin aiki biyu, idan injiniyan bai musa ba cikin wasu kwanakin aiki biyu, rubutun ya zama umarninsa. Mai gina gida mai ɗaki huɗu ba ya buƙatar duk wannan tsarin, amma hikimar ɗaya ce. Sufabaiza ya rubuta nan take wanda ya ba da umarnin, da lokacin, da ainihin abin da ya ce, da waɗanda ke tsaye a wurin, sannan ya miƙa masa littafin ya sa hannu kafin ya shiga mota. Idan ya riga ya tafi, a aika masa saƙo a ranar, a kuma rubuta a littafin cewa an aika.

Na san abin da ke hana mutane yin haka. Kunya ce. Ana ganin kamar rashin yarda ne ka ce wa Alhaji ko babban injiniya ya sa hannu a kan maganar da ya faɗa da bakinsa. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da aka fara yi wa umarnin ba marasa amana ba ne. Ƙarin aiki a gini bashi ne da ake ɗauka yau a biya nan gaba. Sufabaizan da ya ji nauyin neman sa hannu a yau, shi ne zai tsaya a tsakiyar manya biyu watanni kaɗan masu zuwa, kowa yana cewa ya faɗi gaskiya.

Misalin ginin ajujuwa shida

Don a ga yadda littafin yake aiki a lokacin rikici, mu ƙaddara wani aiki. Wata makaranta mai zaman kanta a gefen Zariya ta ba ɗan kwangila ginin ajujuwa shida. Yarjejeniyarsu ta ce duk ranar aiki da ya ƙara a kan wa'adi za a cire masa naira 100,000, sai dai idan jinkirin daga ɓangaren makarantar ne, ko kuma ruwan sama ya hana aiki ɗungurungum. An gama ginin da jinkirin kwanakin aiki 20. Makaranta ta riƙe naira miliyan 2. Ɗan kwangila ya ce ba laifinsa ba ne ko na kwana ɗaya: injiniyan makarantar ne ya tsayar da shi, ga kuma damina. Kowa ya tsaya a kan bakansa, sai aka kai maganar gaban mai sasantawa, shi kuma ya ce a kawo littafin sayit.

A shafin Litinin 4 ga Agusta ya tarar an rubuta cewa da aka kai zurfin mita 1.2 da zane ya nuna, sai aka iske ƙasar layin arewa baƙa ce mai laushi, da ɓaraguzai da leda a ciki, alamar tsohon kududdufi ne aka cike. An kira injiniyan makaranta, ya iso 9:30, ya duba, ya ce a dakatar da fandisho gaba ɗaya sai ya aiko da sabon zane. Sa hannunsa yana ƙasan shafin. Kowace rana bayan nan akwai layi guda: "Ana jiran zanen fandisho, rana ta biyu," "rana ta uku," da bayanin saƙon tuni da aka aika ranar 6 da ranar 9. Zanen ya iso da yammacin Laraba 13 ga wata. Idan aka cire Lahadi, kwanakin aiki 9 ke nan, kuma babu gardama a kan ko na wane ne.

Sabon zanen ya ce a ƙara zurfi daga mita 1.2 zuwa 1.8 a tsawon mita 120 na ramin, mai faɗin mita 0.7. Littafin ya nuna ƙarin haƙar ta ci kwana 3, kuma kafin a zuba kankare an auna ramin tare da wakilin makaranta, duka biyu suka sa hannu. Idan aka ninka 120 da 0.7 da 0.6, ƙarin ƙasar da aka haƙe ta kai kimanin kubik mita 50. Yau wannan ramin yana ƙarƙashin daɓen ajujuwa. Ba don awon da aka rubuta a ranar ba, da babu hanyar sanin adadin sai a fasa daɓe.

Maganar ruwa ce ta fi ban sha'awa, domin a nan littafin ya juya wa mai shi baya. Ɗan kwangila ya nemi kwana 8, kuma gaskiya ne an rubuta ruwa a ranaku 8. To amma biyu daga ciki sun faɗo ne a cikin kwanakin da ake jiran zane, lokacin da aikin yake tsaye dama, don haka ba za a ƙirga su sau biyu ba. Uku kuma da dare ko bayan la'asar aka yi ruwan, shafukan sun nuna ma'aikata sun yi cikakken wuni. Ranaku 3 ne kacal ruwa ya hana aiki tun safe har yamma. Sai lissafi ya zama 9 da 3 da 3, wato kwana 15.

Sauran biyar ɗin fa? Su ma suna cikin littafin, da rubutun sufabaizan ɗan kwangilar kansa. A watan Satumba siminti ya yanke kwana 3 saboda ba a biya dila ba. A Oktoba injin kwaɓa kankare ya lalace ana shirin zuba dekin, aka yi kwana 2 kafin a samo wani. Waɗannan nasa ne. Mai sasantawa ya yanke cewa a cire naira 500,000, a mayar masa da miliyan ɗaya da rabi, a kuma biya shi kuɗin ƙarin haƙa da kankaren da ya shiga. Ya nemi kuɗin zaman ma'aikata na kwanakin jiran zane, aka ba shi na hayar injin da ya zauna a banza, aka hana shi na birkiloli, saboda littafin ya nuna an mayar da su aikin katanga, wadda dama tana cikin kwangilar.

Wani zai ce ashe sufabaizan ya cuci maigidansa da ya rubuta yankewar siminti. A ganina akasin haka ne. Abin da ya sa mai sasantawa ya yarda da kwana 9 da kubik mita 50 ba tare da dogon bincike ba shi ne ya ga littafin ba ya ɓoye laifin gida. Littafin da kowane shafinsa laifin wani ne, babu ranar da injin mai shi ya lalace, babu ranar da lebura ya yi fashi, duk mai hankali zai gane an rubuta shi ne don a ci shari'a, sai ya daina yarda har da gaskiyar da ke ciki. Lauyan ɗaya ɓangaren kuma zai samo rasit ɗin dilan siminti ko ta halin ƙaƙa, ya tambayi sufabaiza a gaban kowa me ya sa ranakun nan uku littafinsa ya ce aiki na tafiya.

A lura da wani abu game da ruwan sama. A misalin nan yarjejeniyar ce ta yarda a ƙirga shi. A tsarin FIDIC ba kowane ruwa ne ke ba da ƙarin lokaci ba, sai yanayin da ya wuce abin da aka saba gani a wurin a irin wannan lokaci. Ruwan Agusta a Zariya ba baƙon abu ba ne, wanda ya karɓi aiki a damina ana sa ran ya yi lissafinsa. Idan za a nuna cewa na bana ya zarce misali, sai an gwada abin da littafin sayit ya rubuta da alƙaluman shekarun baya na hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet. Sufabaizan da ya kafa ɗan ma'aunin ruwan sama a fili yana rubuta milimita kullum ya sauƙaƙa wa kowa wannan aikin.

Dalilin da ya sa dole a rubuta a ranar

Akwai sufabaizan da kan bar littafin sai Asabar ya zauna ya cike na mako guda daga ka. Akwai kuma wanda ba ya rubuta komai sai rigima ta kunno kai, sannan a sayo sabon littafi a kwana ana cikewa. Na farko yana rage darajar littafin, na biyu kuwa yana kashe shi, kuma doka ta san da zamansa.

Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 83, ta ba da damar karɓar bayanin da ke cikin takarda idan wanda ya rubuta yana da masaniyar abin da kansa. Amma wannan sashen ya toshe ƙofa ga bayanin da mai ruwa da tsaki ya rubuta a lokacin da shari'a take gudana ko ake hangen zuwanta. Ke nan shafin da aka rubuta ranar 4 ga Agusta, lokacin da kowa ke gaisawa da kowa lafiya, yana da ƙarfin da wanda aka rubuta bayan wasiƙar lauya ta iso ba shi da shi. Dokar ta kuma yarda mai ba da shaida ya duba abin da ya rubuta a lokacin da abin ya faru don ya tuna. Sufabaizan da aka kira kotu bayan shekara uku, littafinsa ne zai riƙe shi.

A ƙasashen waje ma haka abin yake. A shekarar 2003 kotun tsibiran Falkland ta duba wata shari'a tsakanin gwamnatin tsibiran da kamfanin gine-gine na Gordon Forbes, a kan wani tsohon bugu na tsarin FIDIC. Tambayar ita ce, idan ɗan kwangila bai ajiye bayanan lokacin da abin ya faru ba, zai iya cike giɓin da bayanan shaidu da aka rubuta daga baya? Kotu ta ce a'a. Bayanan lokaci su ne waɗanda aka yi a daidai lokacin ko dab da shi, kuma abin da shaida ya tuno daga baya ba ya maye gurbinsu. Har yau masu harkar rikicin kwangila suna kafa hujja da wannan hukunci.

Littafin bogi kuwa ba ya da wuyar ganewa. Biro ɗaya tun daga shafin farko har na ƙarshe, rubutu iri ɗaya babu na gaggawa babu na gajiya, takarda fes babu ƙurar siminti babu ɗigon ruwa. Sai kuma a tarar an rubuta cikakken aiki ranar Sallah, ko an ambaci abin da ba a sani ba sai bayan mako biyu. Don haka ake son littafi ɗinkakke mai lambar shafi, ba fallayen takarda da za a iya zarewa a sauya ba. A rubuta da biro. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon, a sa hannu a gefe. Kada a bar fili a ƙasan shafi, a ja masa layi. Ranar da ba a yi aiki ba ma a buɗe mata shafi a faɗi dalili.

Akwai iyaka da ya kamata a sani. Rubutu a littafin sayit ba sanarwa ba ce. A tsarin FIDIC, ɗan kwangilar da ke neman ƙarin lokaci ko kuɗi dole ya aika sanarwa a rubuce cikin kwana 28 daga ranar da ya san da matsalar, ko ya kamata ya sani. Idan ya wuce, haƙƙin na iya faɗuwa ko da gaskiyarsa a fili take. A nan littafin kan iya zama shaida a kansa, domin shi ne zai nuna ranar da ya sani. Saboda haka aikin sufabaiza bai ƙare da rubutawa ba, duk abin da ya ga zai taɓa lokaci ko kuɗi, ya sanar da ofis a ranar don a fitar da wasiƙa.

Ranar zuba kankare da ranar haɗari

Ranaku biyu sun fi sauran buƙatar dogon rubutu. Ta farko ita ce ranar zuba kankare, musamman dekin. Kafin a fara, a rubuta wanda ya duba rodi da katako ya ba da izini. A rubuta lokacin farawa da na gamawa, da buhun siminti nawa ya shiga, da awon haɗin da aka bi. Idan an tsaya a tsakiya, a faɗi inda aka tsaya da tsawon lokacin, domin kankaren da ya fara daskarewa kafin a ɗora masa sabo yakan bar gaɓa mai rauni, kuma a irin wurin ne yoyo ko tsagewa kan bayyana. Idan an ɗebi samfuri a ƙananan akwatuna masu faɗin milimita 150 don gwaji, a rubuta lambar kowanne da ɓangaren ginin da aka ɗebo shi. Ana matse su a ɗakin gwaji a kwana 7 da kwana 28. Idan sakamakon kwana 28 ya gaza, littafin ne kaɗai zai nuna ko ginshiƙai huɗu ne ake shakka a kansu ko hawa guda cur. A ci gaba da rubuta ranakun ban ruwa, da ranar da aka cire katako da turakun da ke tokare da dekin, da wanda ya ba da izinin cirewa. Idan dekin ya lotsa daga baya, tambayar farko da za a yi ita ce kwana nawa ya yi kafin a cire masa turaku.

Ta biyu ita ce ranar da wani ya ji rauni. A rubuta sunansa, lokacin, aikin da yake yi, abin da ya faru, waɗanda suka gani, da asibitin da aka kai shi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kai rahoton rauni cikin kwana 7, kuma bayanan da za a cike takardar da su daga littafin za su fito. A nan sufabaiza ya tsaya a kan abin da ido ya gani. "Katakon da yake tsaye a kai ya karye, ya faɗo daga tsayin mita uku" bayani ne. "Sakacinsa ne" hukunci ne, kuma ba aikin littafin ba ne. Haka ma zagi da habaici ba su da gurbi a ciki, domin wata rana za a karanta shafin da ƙarfi a gaban wanda aka zaga.

Yanzu kusan kowane sufabaiza yana da waya mai kyamara, kuma hoto taimako ne babba, musamman na abin da za a rufe: rodi kafin zubi, rami da ma'auni a tsaye a cikinsa. Sai dai hoton rami shi kaɗai bai faɗi ko wane rami ba ne. A rubuta a littafi cewa an ɗauki hoto kaza a wuri kaza, a kuma kwashe hotunan zuwa wani ma'aji duk mako, saboda waya tana ɓata, kuma sufabaiza yana barin aiki ya tafi da ita. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yakan rasa bayanan ranar ɗauka da ke ɓoye a cikinsa, don haka a ajiye na asali. Idan aka je kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida yana buƙatar takardar tabbaci a kan na'urar da ta fitar da duk wata shaida ta kwamfuta ko waya. Littafin takarda ba ya buƙatar wannan.

Ga mai gini, ko gida ne ko shago ko masallacin unguwa da aka tara kuɗinsa da taro da sisi, shawarata ita ce ka sa maganar littafin nan a cikin yarjejeniya tun kafin a sari ƙasa, tun ran gini ran zane. Ka ce a ajiye shi a sayit, kai ko wakilinka ku karanta ku sa hannu duk mako, ku ɗauki hoton shafukan. Idan ka ga abin da ba ka yarda da shi ba, kada ka ƙi sa hannu ka tafi, ka rubuta ƙin yardarka a gefen shafin da kwanan wata. Bayan an miƙa maka makulli, a ajiye littafin aƙalla shekara shida, domin a wasu jihohin Najeriya wa'adin shigar da ƙara a kan kwangila ke nan. Kai kuma sufabaiza, minti goma sha biyar kafin a tashi sun ishe ka cika shafin yau, ka cika shi kafin ka bar filin.